Darasi na Bakwai: Fitar da Jimlar Tushe daga Cikin Tatsuniya

Mutumin da ya tashi a ƙauye yana jin tatsuniya a bakin kakarsa bayan sallar lisha, idan ya girma Allah ya hore masa hannun zane, har ya yi niyyar mai da ɗaya daga cikin tatsuniyoyin nan gajeren fim na zane mai motsi, wanda yara ke kira katun, galibi abin da yake riƙe da shi a zuci guntaye ne waɗanda ba su haɗu ba: ga surar Gizo a kan reshe, ga ƙarar ruwa a ƙarƙashinsa, ga kuma dariyar da aka yi a daren nan da bai manta ba. In an tambaye shi labarin me zai yi, sai ya ce na Gizo ne, ko kuwa ya ce a kan kwaɗayi ne, alhali ko ɗaya daga cikin amsoshin nan biyu ba ta gaya wa mai zane abin da zai fara zanawa gobe da safe ba. Manufar wannan darasi ita ce koyon yadda ake tattara guntayen nan a zuba su cikin jimla guda, wadda duk wanda ya ji ta zai san wane ne labarin ke bi, me yake nema, me ya tare masa hanya, da kuma abin da zai rasa in al'amarin ya ɓaci. Ita ce za mu riƙa kira jimlar tushe.

Kafin mu shiga aikin, ya kamata ɗalibi ya san dalilin da ya sa masu wannan sana'a suka tsananta a kan jimla ɗaya, domin dalilin na lissafi ne. Fim yana gudana da hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma masu zanen hannu sun saba su bar kowane zane ya tsaya tsawon hoto biyu, watau zane 12 ke nan a daƙiƙa. Minti ɗaya yana cin zane 720, fim na minti huɗu kuwa zane 2,880. Gaskiya ne akwai dabarun rage wannan nauyi, kamar maimaita zanen tafiya ko na kaɗa fiffike, ko motsa yankakkun takardu a gaban kyamara, ko taimakon kwamfuta. Amma duk da haka mai ba da tatsuniya da baki yana iya cewa Gizo ya yi tafiyar kwana bakwai cikin numfashi ɗaya ba tare da ya biya kome ba, shi kuwa mai zane kowane taku sai ya biya shi da guminsa. Wanda ya fara zane bai tabbatar da labarinsa ba, sai ya yi wata biyu yana aiki sa'an nan ya gane rabin abin da ya zana ba shi da gurbi a fim ɗin.

Tatsuniyar da za mu yi aiki da ita

Mun zaɓi tatsuniyar Gizo da hankaki, domin kusan babu garin Hausa da ba a san ta ba, ko da yake ruwayoyinta sun sha bamban daga wuri zuwa wuri, kamar yadda duk wanda ya duba tarin tatsuniyoyin da aka buga, tun daga na Frank Edgar na 1911 zuwa 1913 har zuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, zai tarar labari ɗaya yakan zo da fuska fiye da ɗaya. Ga yadda aka fi ba da ita. Ana cikin yunwa, sai Gizo ya gano hankaki suna cin ɓaure, kuma bishiyar tana can tsakiyar kogi inda mai ƙafa ba ya kaiwa. Ya roƙe su su tafi da shi, suka ce sai da asuba. Don zumuɗi ya yi ta tashinsu tun dare bai raba ba. Da gari ya waye kowane hankaka ya cire gashi ɗaya ya ba shi, aka liƙa masa, ya tashi tare da su. Da suka sauka a bishiyar, duk ɗan ɓauren da hankaka ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga ganinsa, har ya hana su ci; suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka tashi suka bar shi. Ya faɗa ruwa, ya tsinci kansa a gidan kada, ya yi da'awar shi ɗan'uwansu ne, aka sauke shi, ya bi ƙwan kada ya cinye, ya kuma yi dabarar da aka fitar da shi gaɓa kafin asirinsa ya tonu.

Duk wanda ya karanta wannan da idon mai zane zai lura labari biyu ne aka ɗinke wuri ɗaya, na bishiya da na gidan kada, kuma faɗuwar Gizo cikin ruwa ita ce ɗinkin. A dandali wannan ba aibi ba ne, don dare yana da tsawo kuma yara ba sa son a kai ƙurunƙus da wuri. A fim na minti huɗu kuwa dole a zaɓi ɗaya, kuma wannan zaɓi shi ne hukunci na farko da ɗalibi zai yanke, tun kafin ya rubuta kalma. Mu mun ɗauki na bishiya, saboda wurarensa uku ne kacal, gida da sararin sama da bishiyar, kuma abin da ake rigima a kansa ido yana ganinsa. Na gidan kada yana da daɗi ƙwarai, ina ma ganin ya fi ban dariya, amma ya dogara ga zance da ƙaryar zumunci, ga kuma zanen ƙarƙashin ruwa mai wahala. A ajiye shi ya zama fim na biyu.

Daga niyya zuwa jimla

Abin da mai koyo kan fara rubutawa shi ne irin wannan: "Fim ne a kan kwaɗayi da sharrinsa." Wannan jigo ne, kuma jigo yana da matsayinsa, amma malaman nahawu za su ce an kawo mubtada'i an bar mai sauraro yana jiran habari. Babu mai aikatawa a ciki, babu aikin da aka aikata, kuma kwaɗayi ba shi da ƙafa ko fiffike da za a zana. Hanyar gane irin wannan kuskure mai sauƙi ce: ka ɗauki fensir ka ce za ka zana jimlar. In ka rasa inda za ka sa bakin fensirin, to jigo ka rubuta.

Da an nuna masa haka, sai mai koyo ya faɗa ɗaya gefen, ya rubuta tatsuniyar gaba ɗayanta ya hana ta aya: Gizo ya ga ɓaure sai ya roƙi hankaki sai suka ce da asuba sai ya tashe su sai suka ba shi gashi sai suka tafi, haka har gidan kada. Alamar wannan ita ce yawan "sai". Kalmar nan tana jera aukuwa bayan aukuwa ba tare da ta bambanta babba da ƙarama ba, har tashin hankaki da tsakar dare ya zama daidai da zare gashi a nauyi, alhali ɗaya ado ne ɗaya kuwa ƙashin bayan labarin. Jimlar tushe tana bukatar kalmomin da ke nuna sababi da saɓani, irin su "don" da "amma", domin "don" ita ke fito da muradin mai labari, "amma" kuma ita ke fito da abin da ya tare shi. Ina shawartar ɗalibi ya ƙidaya irin wannan "sai" mai jera aukuwa a jimlarsa, in ta wuce ɗaya ya koma ya sake.

To, bari mu gina tamu a hankali, muna tambaya muna amsawa. Wane ne labarin ke bi? Gizo. Amma suna kaɗai ba ya isa, ko da sunan da kowa ya sani ne, domin Gizo yana da halaye da yawa, wayo da ƙarya da ragwanci da zari, kuma fim gajere hali ɗaya yake iya ɗauka. A nan zari ne, sai mu ce Gizo mai zari, ko kuwa mu bar aikinsa ya nuna halin, wanda shi ya fi. Me yake nema? Kada a ce abinci, kada a ce jin daɗi. A ce ɓauren da ke tsakiyar kogi, domin wannan abu ne mai launi da wuri, ana iya nuna shi daga nesa tun a daƙiƙun farko, mai kallo ya sa masa ido tare da Gizo. Da waɗannan biyu muna da jimla kamar haka: "Gizo ya ari gashin hankaki don ya kai ga ɓauren da ke tsakiyar kogi."

Jimlar nan ta fi na baya nesa ba kusa ba, har mutum zai iya ruɗuwa ya ce an gama. Sai dai in ka karanta wa wani ita, zai ce maka to madalla, ya samu gashi, ya ci ɓaure, shi ke nan. Kogin da muka ɗauka shi ne cikas, ashe an riga an haye shi a cikin jimlar kanta. Nan ne ake bukatar tsayawa a yi tunani mai zurfi, domin a nan mafi yawan labarai ke mutuwa. Me ya hana Gizo cin ɓaurensa ya komo gida lafiya? Hankaki ba su hana shi ba, su ne ma suka kai shi. Kogi bai hana shi ba, ya tsallake. Abin da ya hana shi yana cikinsa, watau ba ya iya ganin ɗan ɓaure a bakin wani, kuma waɗanda yake hanawa su ne masu fukafukan da ke jikinsa. Wannan ita ce zuciyar tatsuniyar, kuma ita ce ta sa kakanninmu suka riƙe ta: hanyar komawarsa gida tana hannun waɗanda yake zalunta. Duk jimlar da ba ta ɗauki wannan ba, ta bar labarin a baya ko da ta ambaci sunayen kowa da kowa.

Saura rukuni na huɗu, abin da zai rasa. In da bishiyar a bakin hanya take, hankaki su zare gashinsu mana, ya sauko ya taka zuwa gida, babu wanda zai damu. Ruwan da ke ƙasa shi ya mai da fushin hankaki abin tsoro, yunwar da aka baro a gida kuma ita ta sa tafiyar ta zama tilas. Saboda haka kogin da muka cire daga matsayin cikas bai fita daga jimlar ba, ya dai sauya aiki, ya koma shi ne azabar da ke jira. Ga jimlar yanzu:

"A shekarar yunwa, Gizo ya ari gashin hankaki don ya kai ga ɓauren da ke tsakiyar kogi, amma da ya hana masu gashin ko ɗa ɗaya, sai suka fara zare abinsu, ga shi kuwa babu hanyar gida sai ta sama."

A lura da kalmar "fara". Da mun ce suka zare abinsu suka tafi, da mun rufe labarin, mun kuma mai da hukuncin abu na ƙiftawar ido. Da muka ce suka fara, mun buɗe wa mai zane tsakiyar fim ɗinsa: ɓaure ɗaya ya hana, gashi ɗaya ya fita, ya sake hanawa, wani ya fita, buhunsa yana ƙara nauyi, fiffikensa yana ƙara sauƙi, mai kallo yana ƙidayawa da idonsa, Gizo kaɗai ne bai lura ba. Wannan zarewa ɗaya bayan ɗaya ba lalle ta kasance haka a ruwayar da ɗalibi ya ji ba, ƙari ne na mai fim, kuma ƙari ne halattacce, tun da bai sauya halin Gizo ko sakamakon aikinsa ba, ya dai shimfiɗa abin da baki ke faɗa a kalma uku yadda ido zai samu lokacin ganinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sa Gizo ya tuba a ƙarshe ya raba ɓaure yana kuka, don a samu wa'azi mai daɗi. Yaran da suka san shi ba za su gaskata ba, kuma amanar tatsuniyar ta tafi.

Gwajin jimla

Malaman manɗiƙi sun shar'anta wa ta'arifi abu biyu, ya zama jami'i, watau ya tattaro duk abin da ke cikin abin da ake bayyanawa, ya kuma zama mani'i, watau ya hana abin da ba nasa ba shigowa. Kuma ban san ma'aunin da ya fi wannan dacewa da jimlar tushe ba. Ta fuskar tattarowa, ɗauki takarda ka zana hoto uku daga jimlar kaɗai, ba tare da ka koma ga tatsuniyar ba: na farko Gizo a bakin kogi yana hangen bishiya, na biyu yana kan reshe ya rungume 'ya'yan ɓaure hankaki sun kewaye shi, na uku gashi ɗaya ya rage a jikinsa yana duban ruwa. In hotunan nan uku sun fito, farko da tsakiya da bakin ƙarshe suna cikin jimlar. In ɗaya ya ƙi fitowa, wurin nan ne jimlar take da rami.

Ta fuskar hanawa kuwa, cire sunan Gizo ka sa na Kura, cire ɓaure ka sa nama, ka ga ko jimlar za ta tsaya. Jimlarmu ta farko, mai cewa fim ne a kan kwaɗayi, za ta karɓi Kura da Dila da ɗan sarki duk ba ta motsa ba, wanda ke nuna ba ta kowa ba ce. Ta ƙarshen kuwa, da ka taɓa gashin aro ko tsakiyar kogi sai ta rushe, domin kowace gaɓa tana riƙe da 'yar'uwarta. Haka nan ita ce za ta yi maka hukunci a kan abin da zai shiga fim. Ƙoƙi, matar Gizo, tana da gurbi? Jimlar ta ambaci yunwa da gida, saboda haka ana iya nuna ta daƙiƙa biyar a gaban tukunyar da babu kome, ba fiye da haka ba. Tashin hankaki da tsakar dare fa? Yana nuna zarin Gizo tun da wuri, ana iya ba shi daƙiƙa ashirin in lokaci ya samu, in bai samu ba a yar da shi, labarin ba zai ji ciwo ba. Hankaki nawa za a zana? Jimlar ba ta bukatar garke. Uku sun isa a ga zarewa ta farko da ta biyu da ta ƙarshe, in ya so kowanne ya ba da gashi biyu.

Akwai gwaji na uku wanda ya keɓanta ga zane, shi ne a tambaya ko za a fahimci jimlar in an kashe sauti. Gizo na tatsuniya rabin daɗinsa a bakinsa yake, da tsamin bakin nan da masu ba da labari ke kwaikwaya, kuma babu laifi a sa shi a fim. Amma daidaita motsin baki da magana aiki ne mai cin lokaci, kuma jimlar da ta rataya ga abin da wani ya ce, kamar da'awar zumunci a gidan kada, za ta tilasta maka shi. Tamu ta rataya ga aro da hanawa da zarewa, ayyuka uku da hannu da fiffike ke yi. Wanda yake son ya ga yadda zane kaɗan ke ɗaukar labari in tushensa ya fito sarai, ya nemi aikin Moustapha Alassane, mutumin Nijar wanda ya zauna a Tawa, ya rasu a 2015. Fim ɗinsa Bon Voyage Sim na 1966, mai kimanin minti biyar, labarin shugaban ƙasar kwaɗi ne da ya tafi ziyarar aiki, zanensa layuka ne marasa yawa, amma mai kallo ba ya ɓata ko sau ɗaya game da abin da ke gudana.

Daga ƙarshe sai a kai jimlar gaban mutum. A nemi wanda bai san abin da kake shiryawa ba, a karanta masa ita sau ɗaya, kada a ƙara sharhi ko da baki yana ƙaiƙayi, a yi shiru. In ya ce, "To, ya faɗa ruwan ne?" jimlar ta yi aikinta, domin ta haifar masa da tambayar da fim ɗin zai amsa. In ya ce, "Wa ya ba wa gashi?" akwai duhu a lafazin, a gyara tsarin kalmomi. In kuwa ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya taimaka," ladabi ya yi maka, kuma a koma a duba rukuni na uku da na huɗu, don galibi can ne ciwon yake.

Wani abu kuma da ya kamata ɗalibi ya jarraba ko sau ɗaya shi ne sauya wanda labarin ke bi. In muka ce ƙaramin hankaka ne, wanda ya tsaya wa Gizo har aka yarda aka tafi da shi, sai muradi ya koma kare baƙon da ya kawo, cikas ya zama halin baƙon, abin da zai rasa kuma mutuncinsa a cikin 'yan'uwansa, gashi na ƙarshe da ya rage a jikin Gizo kuwa nasa ne, shi zai yanke ko ya zare ko ya bari. Bishiya ɗaya ce, kogi ɗaya, amma wannan fim ne na tausayi, wancan na dariya, kuma ba a iya yin duka biyun a minti huɗu.

Aiki

Kowane ɗalibi ya zaɓi tatsuniya ɗaya da ya ji da kunnensa a garinsu, ya rubuta ta yadda ya tuna a shafi guda, ya ja layi a duk inda ya ga wani labari ya ƙare wani ya fara. Daga nan ya ɗauki yanki ɗaya ya rubuta masa jimlar tushe wadda ba ta wuce kalma arba'in ba, mai ɗauke da "don" ɗaya da "amma" ɗaya, ya zana hotunanta uku a bayan takardar, ko da zanen 'yan sanduna ne. Wanda ya ga yana da ƙarfi, ya ƙara da jimlar tushe ta labarin gidan kada da muka ajiye, ya kuma nemo hanyar da za a nuna ƙaryar zumuncin Gizo da aiki, ba tare da ya buɗe baki ba. Za a karanta jimlolin a aji a zama mai zuwa, kowa ya karanta ta maƙwabcinsa.